Auna ɗalibi ta kundin ayyuka da makin abokan karatu

Kundin ayyuka da makin abokan karatu hanyoyi ne guda biyu da makarantu ke bi wajen auna ɗalibi ba tare da an dogara ga jarrabawa guda ta ƙarshen zango ba. A ta farko, ɗalibi na tara ayyukansa na tsawon zango: rubutun farko, gyaran da ya yi, aikin da ya kammala, da ɗan bayanin dalilin zaɓensa. A ta biyu kuwa, 'yan aji ne ke duba aikin juna bisa ƙa'idojin da malami ya shimfiɗa.

Asali

An aro kundin ne daga masu zane da masu tsara gine-gine, waɗanda tun da can sukan nuna zaɓaɓɓun ayyukansu idan suna neman aiki. Ya shiga makarantun Amurka sosai a shekarun 1980. Wajen 1983, Peter Elbow da Pat Belanoff suka fara sauya jarrabawar ƙwarewar rubutu da kundi a jami'ar Stony Brook ta jihar New York. Hujjarsu ita ce rubutu guda da aka yi a zama ɗaya, agogo na gudu, ba ya nuna ko ɗalibi ya iya gyara aikinsa, alhali gyara babban ɓangare ne na iya rubutu.

Gwajin jihar Vermont

Vermont ce jiha ta farko a Amurka da ta gwada kundi a faɗin makarantunta, a zangon karatu na 1991 zuwa 1992, a darasin lissafi da rubutu, ga 'yan aji huɗu da aji takwas. A lissafi, ana zaɓo ayyuka biyar zuwa bakwai mafiya kyau, a auna su da ƙa'idoji bakwai, kowace na da maki ɗaya zuwa huɗu. Malamai ne ke yin makin.

Cibiyar RAND ta binciki shirin ƙarƙashin jagorancin Daniel Koretz. Malamai da dama sun ce koyarwarsu ta sauya, domin sun ƙara ba ɗalibai lokacin warware matsala da bayyana yadda suka kai ga amsa. Sai dai idan aka ba malamai biyu kundi ɗaya, makinsu kan sha bamban sosai, har aka ga sakamakon bai isa a kwatanta makaranta da makaranta da shi ba. Dalilan a fili suke. Ayyukan da ke cikin kundin ba iri ɗaya ba ne, wani aji an ba su mai wuya, wani mai sauƙi. Haka kuma ba a san gwargwadon taimakon da malami ko iyaye suka yi ba. Bayan an ƙara horar da masu maki, daidaito ya ƙaru, musamman a lissafi. Tun daga nan, hanyar gane ko makin kundi abin dogaro ne ita ce a ɗebi wasu kundaye, a ba mai maki na biyu wanda bai ga makin farko ba, a duba ratar da ke tsakani.

Makin abokan karatu

A 2000, Nancy Falchikov da Judy Goldfinch sun haɗa bincike 48 na manyan makarantu, suka kwatanta makin ɗalibai da na malamai. Ma'aunin daidaiton ya kai kusan 0.69, inda 1 ke nufin sun dace gaba ɗaya. Makin ya fi kusantar na malami idan ɗalibai sun fahimci ƙa'idojin da kyau, suka kuma yanke hukunci a kan aikin a dunƙule.

Inda aka fi amfana da wannan hanya shi ne aikin rukuni, domin malami ba ya ganin wanda ya yi aiki da wanda ya laɓe. A ɗauka rukunin mutum huɗu ya samu maki 70. 'Yan rukunin suka auna gudummawar juna bisa 20, aka samu 18, 16, 16 da 10, matsakaici 15 ke nan. Malami zai iya ba kowa rabin makin, wato 35, sauran 35 kuma ya ninka da makin mutum, ya raba da 15. Mai 18 zai tashi da 77, mai 10 kuma da kusan 58. Idan kowa ya ba kowa 20, ko biyu suka haɗa kai suka danne na uku, alama ce ta abota ko gaba, shi ya sa ake ɓoye sunan mai maki, a kuma nemi ya rubuta dalilinsa.

Saɓani

Masu suka na kukan yawan lokacin da makin ke ci da wahalar tabbatar da cewa aikin na ɗalibin ne. Ingila ta rage kason aikin zango a jarrabawar GCSE ta 'yan sakandare tun daga sauye-sauyen 2015. Makarantu da yawa na haɗa hanyoyin ne da jarrabawa, su raba makin zango tsakaninsu.