Ƙarin kashi 25 a kan kuɗin sari ba ribar kashi 25 ba ne

'Yan kasuwa da yawa sun daɗe suna ɗauka cewa idan ka sari kaya ka ɗora kashi 25 cikin ɗari a kai, to ribarka kashi 25 ce ta ciniki. Ba haka lissafin yake ba. Ƙarin farashi ana auna shi ne da kuɗin sari, ita kuwa ribar ciniki da kuɗin sayarwa ake auna ta.

A ce ka sari turmin atamfa a kan naira 8,000. Ka ɗora kashi 25, wato 2,000, ka sayar 10,000. Raba 2,000 da 10,000, za ka ga kashi 20 kacal ya shigo hannunka.

Matsalar tana fitowa fili ne wajen ragi. Mai saye ya nemi a rage masa kashi 25, kai kuma ka yarda, a zatonka ribar kaɗai ka sadaukar. Sai ka karɓi 7,500, ka ci uwar kuɗi da 500, ba a ma zo maganar haya da kuɗin mota ba.

In kana son kashi 25 na ciniki da gaske, raba kuɗin sari da 0.75. Turmin nan zai tashi kusan 10,667.