Fito da Layi Guda a Teburin Silaid

Fito da layi guda wata dabara ce ta tsara teburin bayanai a silaid, wato shafin da ake haskawa a bango lokacin jawabi, yadda idon mai kallo zai sauka kai tsaye kan layin da mai jawabi ke magana a kai. Teburin da ke kan takarda mai karatu na da lokacin bin sa da yatsa. Na bango kuwa daga nesa ake hangen sa, ga kuma mutum tsaye yana magana, sai a rasa wanne za a bi, karatu ko sauraro.

A ɗauki misalin teburin rassa goma sha biyu na wani kamfani, mai ginshiƙai bakwai, wato gidaje 84 ke nan. Saƙon ɗaya ne: reshe na tara kaɗai cinikinsa ya ragu, da kashi 8 cikin ɗari. Matakin farko ragewa ne. A bar ginshiƙai huɗu: suna, bara, bana, bambanci. Gidajen sun koma 48, wuri ya samu, ana iya ƙara girman rubutu. Sauran ginshiƙan su tafi takardar da za a raba.

Sai jeri. Jerin haruffa yana amfani ga mai neman sunan da ya riga ya sani, amma nan ba suna ake nema ba. Idan aka jera bisa bambanci, reshe na tara zai faɗo can ƙasa shi kaɗai, inda ido ke saurin kaiwa. Lambobi kuma a daidaita su ta dama, a taƙaita 4,812,367 zuwa miliyan 4.8.

Wurin da aka fi yin kuskure shi ne launi. Abu yana fitowa ne idan na kewaye da shi sun lafa, don haka aikin ya fi yawa a kan sauran layuka goma sha ɗaya: rubutunsu ya zama ruwan toka, layukan raga a share su ko a sirance su. Layin da ake so ya samu rubutu mai kauri da shimfiɗar launi mara ƙarfi a bayansa. Kaurin ba ado ba ne, domin kusan namiji ɗaya cikin goma sha biyu yana da matsalar bambance launuka, galibi ja da kore, kuma majigi kan kashe launi. Tokar ma kada ta dusashe har ta ƙi karantuwa. Ƙa'idar WCAG, wadda ta shafi sauƙaƙa amfani da shafukan intanet ga masu nakasa, ta nemi bambancin haske na aƙalla 4.5:1 tsakanin rubutu na yau da kullum da launin bayansa. Tebura masu zebra, wato layi fari layi mai launi, sukan binne alamar da kansu.

Taken silaid ya faɗi saƙon: "Reshe na tara kaɗai ya ragu", maimakon "Cinikin rassa".

Gwajin mai sauƙi ne. A koma bayan ɗaki a runtse ido har rubutu ya dushe. In wuri ɗaya ya rage yana jan ido, tsarin ya yi. In uku ne, an yi wa teburin alama fiye da kima. Dabarar tana da iyaka: idan layuka biyu masu nisa ake son kwatantawa, gara a matso da su kusa da juna, ko a maimaita teburin a silaid na gaba da alama a wani layin.