Datse wofin gefen hoto

Datse wofin gefen hoto aiki ne da manhajar gyaran hoto ke yi da kanta: ta yanke duk filin da babu komai a cikinsa a kewayen abin da aka ciro daga hoto, har iyakar hoton ta matso ta taɓa jikin abin ta sama, ta ƙasa, ta hagu da ta dama. Ana buƙatarsa bayan an cire bayan hoton takalmi, tambari ko mutum, domin abin yakan rage a tsakiyar makeken fili, kuma wannan fili ne ke hana shi zama daidai idan an zo jera shi kusa da rubutu. Fili mai kusurwa huɗu da ya rage bayan datsewar shi ake kira akwatin iyaka.

Kowane ɗigon hoto, wato fiksil, yana ɗauke da lambobi uku na launi: ja, kore da shuɗi. A fayil irin PNG ana iya samun lamba ta huɗu mai suna alfa, wadda galibi ke tafiya daga 0 zuwa 255. Sifili na nufin ɗigon ba ya ganuwa sam, 255 kuma ya rufe abin da ke bayansa ruf. Manhajar takan bi layukan ɗigo daga sama har ta ci karo da na farko mai alfa sama da sifili, ta yi haka daga sauran ɓangarori uku, sannan ta yanka a nan. JPEG ba shi da alfa, don haka a kansa sai dai a datse bisa launin kusurwa.

A Photoshop umarnin yana Image > Trim, a zaɓi Transparent Pixels. A GIMP 2.10 sunansa Crop to Content. Da ImageMagick kuwa:

```
magick takalmi.png -trim +repage sabo.png
```

Kada a manta da `+repage`. Idan babu shi, fayil ɗin zai ci gaba da tuna matsayinsa a tsohon fili, wata manhajar ta buɗe shi a goce.

Inda aikin ya fi lalacewa shi ne ɗigon da ido ba ya gani. A ɗauki hoton takalmi mai faɗi 2000 da tsawo 2000, takalmin ya fara daga ɗigo na 412 ta hagu da na 655 ta sama. Pillow, wani kayan aikin sarrafa hoto na Python, zai ba da akwati (412, 655, 1630, 1388), wato faɗi 1218 da tsawo 733, tunda lambobin dama da ƙasa ba sa cikin abin da ake riƙewa. To a ce magogi ya bar ɗigo guda a kusurwar ƙasa ta hagu, a matsayi 8 da 1990, mai alfa 3 kacal. Ko an ƙura ido ba za a gan shi ba, amma a wurin manhaja 3 ya fi sifili, sai akwatin ya koma (8, 655, 1630, 1991), faɗi 1622 da tsawo 1336. Alamarsa ita ce gefe biyu sun matse tsaf, biyu sun bar fili. Duk wanda ya ga haka ya nemi datti a ɓangaren da ya ƙi matsowa.

Maganin shi ne a sa ƙa'ida, a ɗauki duk alfa da bai wuce wani adadi ba a matsayin wofi:

```python
from PIL import Image
im = Image.open("takalmi.png").convert("RGBA")
a = im.getchannel("A").point(lambda x: 255 if x > 10 else 0)
im.crop(a.getbbox()).save("sabo.png")
```

A nan ƙa'idar aunawa kawai take yi. Ainihin hoton ake yankawa, saboda haka laushin bakin takalmin bai taɓu ba. Idan hoton wofi ne gaba ɗaya, `getbbox()` zai dawo da `None`, kuma dole mai sarrafa hotuna da yawa ya tanadi abin yi a wannan hali.

Adadin ƙa'idar na buƙatar lura. Inuwa, hayaƙi da silin gashi duk da ƙaramin alfa suke ƙarewa, kuma idan aka ɗaga ƙa'idar zuwa 60 ko 80 inuwar za ta fito da miƙaƙƙen baki kamar an sa mata reza. Gara a fara da ƙarami, a ɗora sakamakon a kan baƙin fili da fari a duba. Wasu kan mayar da ɗigo ɗaya ko biyu na wofi a kewaye, don kada baki ya gurɓata lokacin rage girma.

Hotunan motsi na wasannin kwamfuta suna da tasu matsalar. Idan aka datse kowane hoto shi kaɗai, girmansu zai bambanta, mutumin ya riƙa karkarwa yana tafiya. Ko dai a auna akwati ɗaya da ya ɗauke su duka a yanka da shi, ko a adana lambobin hagu da sama na kowanne domin a mayar da shi mazauninsa lokacin zanawa.