Tsara bitar ayyukan da suka gabata a bincike kan himmar malamai da ƙwazon ɗalibai

Bitar ayyukan da suka gabata ita ce sashen da mai bincike ke tattara abin da aka riga aka rubuta a kan batunsa, ya tantance shi, sannan ya nuna giɓin da aikinsa zai cike. A jami'o'i da kwalejojin ilimi na Najeriya yawanci ita ce babi na biyu, kuma an saba raba ta zuwa bayanin muhimman kalmomi, da ra'in da aka ɗora binciken a kai, da binciken da aka gudanar a fili, sai taƙaitawa. A batun himmar malamai da ƙwazon ɗalibai, wahalar tsarin ta taso ne daga cewa himma ba ta isa ga sakamakon ɗalibi kai tsaye. Sai ta bi ta zuwan malami aiki da irin koyarwarsa.

Ra'o'in da ake ɗora binciken a kai

An fi farawa da Abraham Maslow, wanda a 1943 ya jera buƙatun ɗan Adam hawa-hawa, daga ci da sha har zuwa cikar buri. Frederick Herzberg da abokan aikinsa suka biyo baya a 1959. Su sun bambanta abubuwan da rashinsu ke jawo ƙorafi, kamar albashi da yanayin wurin aiki, da abubuwan da ke sa mutum ya zage damtse, kamar yabo da ɗaukar nauyi da ci gaba. Ya kamata mai bita ya ambata cewa injiniyoyi da akantoci kimanin 200 aka yi wa tambayoyi a yankin Pittsburgh na Amurka, ba malaman firamare ba, domin wannan na iyakance inda ra'in zai iya kaiwa. Victor Vroom a 1964 ya ce mutum na ƙoƙari ne gwargwadon yadda yake sa ran ƙoƙarin zai haifar da ladan da yake so. Daga baya Edward Deci da Richard Ryan, musamman daga 1985, suka faɗaɗa bambanci tsakanin himmar da ke fitowa daga son aikin da wadda lada ke jawowa.

Kundaye da yawa kan jero duka huɗun, alhali ra'i ɗaya kawai takardar tambayoyinsu ta taɓa. Ra'in da bai fito a tambayoyin ba bai cancanci shafuka uku ba.

Binciken fili

Tsarin da ya fi rauni shi ne jera marubuta bi da bi: wane ya ce, wance ta ce. Ana gane shi idan aka sauya wa sakin layi biyu wuri kuma babu abin da ya lalace. Wanda ya fi shi shi ne a kasa ayyukan bisa abin da kowanne ya auna.

Misali, a ce ɗalibi na da ayyuka huɗu a gabansa. A Indonesiya an ninka albashin malaman da suka sami takardar ƙwarewa, kuma binciken de Ree da abokan aikinsa na 2018 ya gano malaman sun fi gamsuwa da albashinsu, sun rage neman aikin gefe, amma sakamakon ɗalibai bai motsa ba. A jihar Andhra Pradesh ta Indiya, Muralidharan da Sundararaman sun nuna a 2011 cewa ɗan ƙarin kuɗi da aka ɗaura a kan ci gaban ɗalibai ya ɗaga makinsu a lissafi da harshe. A Kenya, Glewwe da Ilias da Kremer sun ga makin ya tashi a jarrabawar da ake bayar da kyauta a kanta, ya kuma koma yadda yake da aka daina shirin. A jihar Rajasthan ta Indiya kuwa, Duflo da Hanna da Ryan sun ruwaito a 2012 cewa ɗaura albashi a kan zuwa aiki, tare da ɗaukar hoto a aji, ya rage fashin malamai daga kashi 42 zuwa 21 cikin ɗari, ɗalibai kuma suka ƙaru da shi.

Idan aka jera su ta shekara, za a ga kamar suna karo da juna. Idan aka kasa su, na Indonesiya zai shiga ƙarƙashin albashi da gamsuwa, na Rajasthan ƙarƙashin zuwa aiki, sauran biyun kuma ƙarƙashin lada bisa sakamako, inda na Kenya zai zama gargaɗi cewa malami na iya koyar da cin jarrabawa kawai. A nan ne mai karatu zai gane cewa gamsuwa daban, himma daban.

Ana kuma ware waɗannan gwaje-gwaje daga binciken da ya dogara ga takardar tambayoyi, domin irin wannan binciken dangantaka kawai yake nunawa, ba ya nuna abin da ya jawo wani. Mai yiwuwa ɗalibai masu ƙwazo ne ke ƙarfafa wa malami gwiwa, ko kuma makarantar ce mai wadata.

Saɓani

Har yanzu ana jayayya a kan ko ladan kuɗi na raunana son aikin.

Giɓi

Cewa ba a taɓa yin binciken a ƙaramar hukuma kaza ba giɓi ne mara ƙarfi, sai idan an nuna abin da ya bambanta ta, kamar jinkirin albashi ko cunkoson aji.