Fari daban, yunwa daban: abin da Kakalaba ta nuna

Tun da farashin hatsi ya tashi, duk gidan rediyon da ka murɗa sai ka ji wani yana cewa fari ne ya kashe kakanninmu a zamanin Turawa, sai ka ce fari da yunwa kalma ɗaya ce. Wannan magana tana ba ni haushi. Fari rashin ruwan sama ne a lokacin da shuka ke bukatarsa. Yunwa kuwa, irin wadda ake raɗa wa suna, ita ce gari guda ya rasa abin kai wa baki. Kafin fari ya zama yunwa sai rumbu ya ƙare, kuma akwai abin da ke ƙarar da shi.

Ɗauki Kakalaba, yunwar 1914 da ta biyo bayan farin 1913 a ƙasar Kano da arewacinta har cikin Nijar. Kafin zuwan Turawa ma an sha yunwa, kuma sarakuna ba su bar talaka ya huta ba. Amma zakkar hatsi ɗaya cikin goma ce ta abin da gona ta bayar. Mai dami ɗari ya ba da goma. Shekarar da ya tashi da abin da bai kai nisabi ba, babu komai a kansa.

Harajin Turawa bai san wannan ba. A ƙasar Kano malaman taki ne ke auna gona, a yanka kuɗi bisa faɗinta, ko ta yi ko ba ta yi ba. Ga shi sannu a hankali aka daina karɓar wuri, sai sulen Bature, kuma da kaka ake karɓa, lokacin da gero ya fi araha domin kowa shi ya kai kasuwa. A ce magidanci dami biyar yake sayarwa ya biya. Shekarar fari da ya samu ashirin kacal, dagaci na ƙofar gida, sai ya taɓa na ci, ya taɓa iri. Da bazara ya koma kasuwa sayen geron nan da tsadar da ta ninka, akuya ta tafi, sannan bashin dami ɗaya a biya biyu.

Ana haka jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Turawa auduga suka so, manoma suka zaɓi gyaɗa domin ita ke kawo sulen haraji, kuma cinikinta ya ɓarke a 1912. Ni ban ɗora wa gyaɗa laifi kamar haraji ba, amma ta ci wani ɓangare na gonakin gero da na dawa. Da damina ta gaza a 1913, gidaje da yawa ba su da tsohon hatsin da zai kai su wata kakar.