Rigar kebul da bututun waya: na binnewa da na rana

Rigar kebul ita ce robar waje da ke lulluɓe wayoyin lantarki, banda robar ciki da ke raba kowace waya da 'yar uwarta. Bututu kuwa, wanda masu aikin wuta ke kira fayif, shi ne abin da ake zura wayar a ciki. Wurin da waya za ta zauna shi ke yanke hukuncin irin rigar da za ta sa, domin abin da ke cin ta a ƙarƙashin ƙasa daban, abin da ke cin ta a rana daban.

Tarihi

Wajen 1847 Werner Siemens ya fara binne wayoyin tangaraho a Jamus, yana lulluɓe su da ƙaron wata bishiya ta yankin Malesiya. Ba su daɗe ba suka lalace. Daga baya aka koma naɗe waya da takarda mai jiƙe da mai, a bi ta da rigar dalma. Takarda mai kama da wannan, amma jiƙe da kaki, Sebastian de Ferranti ya yi amfani da ita wajen 1890, lokacin da ya ja wutar bolt 10,000 daga Deptford zuwa tsakiyar Landan.

An san sinadarin PVC tun ƙarni na 19, amma tauri ya hana a more shi, har Waldo Semon na kamfanin B.F. Goodrich ya gano yadda za a tausasa shi wajen 1926. Kamfanin ICI na Ingila ya samo robar folitin a 1933, sannan General Electric ya fito da XLPE a 1963, wato folitin da aka ɗaure ƙwayoyinsa da juna don kada zafi ya narkar da shi.

Wayar da ke rana

Hasken rana na karya roba, zafi kuma na fitar da man da ya sa PVC laushi. Alamarsa a fili take: farin fayif ya koɗe, ya yi gari-gari a hannu, da an lanƙwasa shi sai ya tsage kamar busasshen kara. Shi ya sa ake cuɗa baƙin garin kabon, kamar kashi biyu zuwa uku cikin ɗari, a robar da za ta zauna waje. Amma ba kowace baƙar waya ce ke jure rana ba, sai an duba rubutun jikinta. Kebul ɗin sola na gaskiya yakan zo da lambar H1Z2Z2-K.

Zafi ma yana rage ƙarfin waya, kuma nan ne aka fi sakaci. PVC na jure digiri 70, XLPE na jure 90, jadawalin ƙarfin waya kuwa an gina shi ne a kan iska mai digiri 30. Wayar tagulla mai kaurin 4 mm² da robar PVC, idan guda biyu ne cikin bututu, tana ɗaukar amfiya 32. A bazarar Sakkwato ko Maiduguri, inda iska kan kusanci digiri 45, ana ninka wannan da 0.79, ya koma amfiya 25. Idan bututun na kwance a kan kwanon rufi har cikinsa ya kai digiri 60, sai rabi, amfiya 16. Mai rijiyar burtsatse da ya ga robar wayarsa ta taurare tana marmashewa, sau da yawa wannan lissafin ne ba a yi masa ba.

Wayar da aka binne

A ƙasa abokan gaba su ne danshi, gara, ɓera da bakin diga. Wanda aka saba binnewa kai tsaye shi ne kebul mai sulke, mai alamar SWA, wanda aka kewaye da wayoyin ƙarfe a ƙarƙashin rigarsa. Dole a haɗa sulken da wayar ƙasa, wato earth, ta yadda in diga ta huda shi wuta za ta yanke nan take. Ana haƙa ramin kamar santimita 50 zuwa 60, a shimfiɗa yashi mara tsakuwa ƙasa da sama, a ɗora kyallen gargaɗi kafin a gama cikewa.

Bututu ba ya hana ruwa. Ko an manne gaɓoɓinsa, damina ɗaya ta isa danshi ya taru a ciki, saboda haka wayar cikin ɗaki ba ta zama ta binnewa don kawai an zura ta a fayif. An fi son bututun HDPE, wato folitin mai ƙarfi, a ƙasa, domin yana zuwa a naɗe, dogo, ba gaɓoɓi da yawa. Na ƙarfe ya fi dacewa da inda waya ta fito daga ƙasa ta hau bango, wurin da dabba ko fartanya ke iya samunta, ko da yake a binne yana tsatsa.

Gara

A Ostareliya akan ƙara wa kebul rigar nailan mai tauri da santsi don gara ta rasa inda za ta ciza.

Saɓani

Ƙa'idojin ƙasashe sun bambanta a kan zurfin rami, haka ma ra'ayin ma'aikata a kan ko mai sulke na buƙatar bututu.