Waiwaye: Yadda Ake Lissafa LDL a Ɗakin Gwaji, da Lokacin da Ya Fi Dacewa a Auna Shi Kai Tsaye

A takardar sakamakon gwajin kitsen jini akan ga layuka huɗu: jimillar kolestarol, HDL da ake kira kolestarol mai kyau, tiragilisarid wanda wani nau'in kitse ne a jini, da LDL da ake kira kolestarol marar kyau. Mai karɓar takardar yakan ɗauka cewa duka huɗun an auna su ne a inji, alhali a ɗakunan gwaji masu yawa uku kawai ake aunawa, na huɗun kuwa, wato LDL, da lissafi ake fitar da shi. Shi ne kuma lambar da likita ya fi dubawa kafin ya rubuta magani ko ya ƙara yawansa, saboda haka ya kamata a san inda lissafin ya samo asali da kuma inda yake gazawa.

Kitse ba ya narkewa a ruwa, don haka jini yana ɗaukarsa ne a cikin wasu ƙananan ƙunshi na kitse da furotin, waɗanda ake bambanta su ta nauyinsu. A ƙarshen shekarun 1940 John Gofman da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka yi amfani da injin juya jini mai tsananin gudu wajen rarrabe waɗannan ƙunshi, suka kuma nuna alaƙar wasu daga cikinsu da ciwon zuciya. Daga irin wannan aiki ne aka samu hanyar da har yau ake ɗauka a matsayin ma'aunin da ake gwada sauran hanyoyi da shi. Ana juya ruwan jini kusan kwana guda har ƙunshin da suka fi sauƙin nauyi, wato VLDL da kayilomaikiron, su taso sama a kwashe su. Abin da ya rage a ƙasa ya ƙunshi LDL da HDL, sai a auna kolestarol ɗinsa, a sa sinadarin da zai sa LDL ya kwanta, a auna HDL shi kaɗai, a debe. Hanya ce mai inganci, amma injin yana da tsada, aikin yana cin lokaci, kuma yana buƙatar ƙwararren hannu, ta yadda asibitin da ke karɓar samfur da yawa a rana ba zai iya dogara da ita ba.

A shekarar 1972 William Friedewald da Robert Levy da Donald Fredrickson, na Cibiyoyin Lafiya na Ƙasar Amurka da ke Bethesda, suka fito da mafita bayan nazarin jinin mutum 448. Tunaninsu shi ne, a jinin wanda bai ci abinci ba, jimillar kolestarol ta kasu gida uku ne: LDL da HDL da VLDL. Ana iya auna jimilla da HDL cikin sauƙi, don haka VLDL ne kawai ya rage a sani. Sun lura cewa yawancin tiragilisarid na jinin wanda bai ci ba yana cikin VLDL ne, kuma a cikin wannan ƙunshi nauyin tiragilisarid ya kai kimanin ninki biyar na nauyin kolestarol. Ke nan idan aka raba tiragilisarid da 5, an samu ƙiyasin kolestarol ɗin VLDL.

```
LDL = TC - HDL - TG/5      (mg/dL)
LDL = TC - HDL - TG/2.2    (mmol/L)
```

A nan TC na nufin jimillar kolestarol, TG kuma tiragilisarid. Idan mutum yana da jimilla 200, HDL 40 da tiragilisarid 150 a ma'aunin mg/dL, ƙiyasin VLDL zai zama 30, LDL kuma 130. A irin wannan jini lissafin yana zuwa kusa ƙwarai da abin da injin juyawa zai bayar, kuma bai ci kwabo ba a kan gwaje-gwaje ukun da aka riga aka yi. Wannan araha ce ta sa ya bazu, musamman bayan fitowar magungunan sitatin masu rage kolestarol a 1987 da kuma ƙa'idojin Amurka na 1988 waɗanda suka sa LDL ya zama abin da ake bi wajen ba da magani.

Akwai kuskure ɗaya da ba na lissafin ba ne, na mai riƙe da alƙalami ne, kuma ya shafe mu. Wasu ɗakunan gwaji a Najeriya suna rubuta sakamako da mmol/L, wasu da mg/dL, a Nijar kuma akan ga g/L bisa al'adar ƙasashe masu amfani da Faransanci. Da mg/dL da g/L ana raba tiragilisarid da 5, amma da mmol/L da 2.2 ake rabawa. Jimilla 5.2, HDL 1.0 da tiragilisarid 1.7 a mmol/L suna ba da LDL 3.4, amma wanda ya raba da 5 zai rubuta 3.9, kuma babu abin da zai nuna wa likita cewa an yi kuskure sai idan ya sake lissafin da kansa.

Su kansu masu lissafin sun bayyana iyakokinsa tun farko. Ba a amfani da shi idan tiragilisarid ya haura 400 mg/dL, wato kimanin 4.5 mmol/L, domin a nan ƙunshin VLDL sukan cika da tiragilisarid fiye da ninki biyar, sai rabawa da 5 ta zuzuta kolestarol ɗin VLDL, ta rage na LDL. Haka nan ba a amfani da shi idan akwai kayilomaikiron, ƙunshin da hanji ke fitarwa bayan cin abinci mai maiƙo, waɗanda kusan dukkan cikinsu tiragilisarid ne, kolestarol ɗinsu kaɗan ne. Wannan ne dalilin da ya sa aka daɗe ana cewa a zo gwaji da safe bayan awa 9 zuwa 12 ba a ci komai ba. Ma'aikacin ɗakin gwaji yana iya ganin alamar da idonsa: ruwan jinin da ya kamata ya fito garau sai ya yi fari-fari kamar an zuba madara, idan kuma aka bar shi ya kwana a firiji, kayilomaikiron sukan taru a sama su yi fata. Idan aka yi biris aka lissafa, ana iya samun abin da hankali ba zai ɗauka ba: jimilla 250, HDL 30 da tiragilisarid 1200 suna ba da LDL na ƙasa da sifili. Iyaka ta uku ita ce wata cutar gado da ba ta da yawa, wadda ake kira nau'i na uku, inda VLDL ke ɗauke da kolestarol fiye da kima, a nan kuma lissafin yakan ƙara LDL ne maimakon ya rage shi.

Matsalar da ta fi damun likitocin yau ba ta cikin waɗannan ukun, domin a 1972 ba a cika ganin mai LDL ƙasa da 70 ba. Da sitatin masu ƙarfi suka zo, aka fara neman saukar da LDL ƙasa da 70 mg/dL ga wanda ya taɓa samun bugun zuciya, sannan allurai masu rage LDL ta hanyar toshe wani furotin da ake kira PCSK9 suka biyo baya a 2015, ƙa'idojin Turai na 2019 ma suka sauko da maƙasudin zuwa 55. Kuskuren maki 10 a ƙiyasin VLDL ba ya canza komai ga mai LDL 160, amma ga mai 70 yana iya canza hukuncin likita baki ɗaya.

A ɗauki mai ciwon sukari da ya taɓa samun bugun zuciya, yana shan sitatin, sakamakonsa kuma ya nuna jimilla 160, HDL 35, tiragilisarid 300. Tiragilisarid ɗin bai kai 400 ba, don haka ɗakin gwaji zai lissafa ba tare da wata shakka ba: 160 a debe 35, a debe 60, saura 65. Likita zai ga an sauka ƙasa da 70, ya ce a ci gaba da magani yadda yake. Amma a jinin da tiragilisarid ya yi yawa kuma sauran kolestarol ya yi ƙasa, ainihin kolestarol ɗin VLDL bai cika kai 60 ba, don haka an debe fiye da abin da ya kamata, kuma akwai yiwuwar ainihin LDL ɗin mutumin yana sama da 70.

Sababbin lissafi biyu sun fito don gyara wannan. A 2013 Seth Martin da abokan aikinsa a Jami'ar Johns Hopkins suka yi nazarin samfur fiye da miliyan 1.3, suka maye gurbin lamba 5 da jadawali mai gida 180, inda ake zaɓar lambar rabawa gwargwadon tiragilisarid ɗin mutum da kuma abin da ya rage idan aka debe HDL daga jimilla, wato nonHDL. A 2020 kuma Maureen Sampson da Alan Remaley da abokan aikinsu, a cibiyoyin nan na Bethesda, suka fito da wani lissafi da aka tsara ya yi aiki har tiragilisarid 800 mg/dL.

```
LDL = TC/0.948 - HDL/0.971 - (TG/8.56 + TG*nonHDL/2140 - TG^2/16100) - 9.44
```

Idan aka sa lambobin mai ciwon sukarin nan, inda nonHDL ya zama 125, amsar ita ce kimanin 76, ba 65 ba. Jini ɗaya ne, gwaje-gwaje ukun ba su canza ba, amma hukuncin ya koma cewa magani bai kai inda ake so ba. Ɗakin gwajin da ke da kwamfuta yana iya komawa ɗaya daga cikin lissafin biyu ba tare da ya sayi sabon sinadari ba.

Aunawa kai tsaye ta zama abin da kowane ɗakin gwaji zai iya yi ne a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da kamfanonin Japan suka fito da sinadaran da ke aiki a injin gwaji na yau da kullum. A galibinsu sinadari na farko yana rufe ko cinye kolestarol ɗin sauran ƙunshi, na biyu kuma ya buɗe LDL a auna launin da ya bayar. Sai dai kalmar kai tsaye ba ta nufin babu kuskure. Wani babban nazari da aka buga a 2010 ya kwatanta irin waɗannan sinadarai da hanyar injin juyawa, ya gano cewa yawancinsu sun yi kyau a jinin masu lafiya, amma sun kasa cika ma'aunin da aka gindaya a jinin masu ciwon zuciya da matsalar kitse, wato mutanen da aka fi buƙatar gwajin dominsu. Sinadarin wannan kamfani kuma ba lallai ya ba da amsa ɗaya da na wancan ba.

A ganina, biyan kuɗin gwajin kai tsaye ga mai tiragilisarid 120 asara ce kawai. Inda ya dace shi ne idan tiragilisarid ya haura 400 kuma ɗakin gwajin tsohon lissafi kawai yake amfani da shi, ko idan LDL ya yi ƙasa sosai tare da tiragilisarid mai yawa kuma hukuncin magani ya rataya a kan 'yan maki kaɗan. Idan an ɗebi jinin bayan cin abinci kuma tiragilisarid ya fito sama da 400, abin da ya fi sauƙi shi ne a sake ɗiba da safe ba a ci ba, a kuma duba abin da ya ɗaga shi, kamar sukarin da bai daidaita ba, giya, ciwon ƙoda ko wasu magunguna. Idan ya wuce 800, lissafi ya daina aiki, gwajin kai tsayen ma sai an yi hattara da shi. A irin wannan hali likitoci sukan koma ga nonHDL, wato jimilla a debe HDL, domin ba ya buƙatar ƙiyasin VLDL, kuma ana sa maƙasudinsa maki 30 sama da na LDL. Ga mai ciwon sukarin nan, maƙasudin 100 ne shi kuma yana da 125, abin da ke nuna tun daga takardar farko cewa 65 ɗin da aka rubuta masa ba abin dogaro ba ne.